Aikin kwali na shekara 4: inda jarin juyawa ya shiga da yadda ya dawo

Wani kamfani ne mai yin kwalin zuba kaya, ya samu tayin kwangila ta shekara 4 daga wani babban kwastoma da ke son kwali mai ɗauke da tambarinsa. Kafin a iya aikin sai an sayi sabon inji na miliyan 120, kuma injin na musamman ne, an ƙiyasta in kwangilar ta ƙare ba zai yi wata daraja ba. Duk lissafin nan a miliyan yake, ka saka sunan kuɗin da ka ga dama, ba abin da zai canza. Kamfanin yana auna ayyukansa da kashi 10 cikin ɗari a shekara, wato abin da masu jari da banki suke tsammani kenan a kan kuɗinsu, duk aikin da bai kai wannan ba to ba a yi.

Cinikin da ake sa rai shi ne 200 a shekarar farko, 260 a ta biyu, 300 a ta uku, sai ya sauko 240 a ta huɗu lokacin da oda za ta fara ja baya. Bayan an cire kuɗin takarda da tawada da gam da albashi da wuta da haraji, abin da zai rage shi ne 32, 44, 52, da 38. Tunda kuɗin da za a karɓa nan gaba bai kai na hannu yau daraja ba, in ka maida waɗannan zuwa darajarsu ta yau da kashi 10, wato ka ninka su da 0.909 da 0.826 da 0.751 da 0.683 bi da bi, za ka samu wajen 130.4. Cire kuɗin inji 120, saura 10.4. Wannan ragowar, wato darajar yau ta abin da aiki zai kawo bayan an cire abin da aka zuba, ita ake kira NPV, kuma ita ce manajan talla ya shigo da ita mitin yana murna, ya ce aiki ya ci, a sa hannu kawai.

Matsalar lissafinsa ba a lambobin take ba, lambobin daidai suke. Matsalar ita ce 32 ɗin nan da 44 ɗin nan an samo su ne daga rasit, ba daga abin da ya faɗo asusun banki ba. In an tura kwali yau an rubuta ciniki yau, amma kwastoman ya ce sai bayan kwana 45 yake biya. Takardar da za a yi kwalin wata mai zuwa kuma tana jibge a sito tun yanzu, an biya wani ɓangare nata, amma ba ta shiga lissafin kashe kuɗi ba tukuna don ba a yi amfani da ita ba. To kuɗin da ya maƙale a waɗannan wurare biyu, in ka cire bashin da masu kawo takarda suke binka wanda su ma sun ɗaga maka ƙafa, shi ne jarin juyawa na aikin. Kuɗi ne na gaske da ya fita daga hannunka ko bai shigo ba tukuna, kuma lissafin riba ba ya ganinsa sam.

Da aka zauna aka ƙirga na shekarar farko, bashin da za a riƙa bin kwastoma a kowane lokaci ya kama wajen 25 (ciniki 200 sau 45 a raba da 365), kayan sito 17, bashin masu kawo kaya 12. Haɗa 25 da 17 ka cire 12, ka samu 30, wato kashi 15 na cinikin shekarar. Aka ɗauka wannan kason zai tsaya haka duk tsawon aikin, don haka abin da ake buƙata ya zama 30, 39, 45, 36.

Nan ne akantan kamfanin ya shigo da nasa lissafin, kuma shi ya yi kuskuren da ya fi kowanne yawa a wajen masu koyo. Ya buɗe layi a Excel ya sa 30 a matsayin kuɗin fita yau, 39 baɗi, 45 shekarar da ke biye, 36 a ta ƙarshe, duk da alamar cirewa. NPV ya faɗi zuwa kusan 119 ƙasa da sifili, ya ce wannan aiki ai rami ne, kar ma a ɓata lokaci. Mutum biyu, lambobi iri ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ta kusa 130.

Abin da ya manta shi ne 30 ɗin farko ba ya ƙonewa a ƙarshen shekara. Kwastoma yana biyan tsohon bashi yana ɗaukar sabo, takarda tana fita sito wata tana shigowa, kuɗin yana nan yana zagayawa a cikin aikin. Da shekara ta biyu ta zo ana buƙatar 39, to 30 na nan a ciki, ciko 9 kawai za ka ƙara. Ta uku ana buƙatar 45, ciko 6. Ta huɗu kuma ciniki ya sauka, 36 kawai ake buƙata alhali 45 ne a ciki, don haka 9 ta fito ta dawo aljihunka tun aikin bai ƙare ba. Mutane da yawa suna tsallake wannan, sun ɗauka dawowar kuɗi sai ranar ƙarshe. A'a, duk lokacin da buƙata ta ragu kuɗi na sakuwa. Sannan in kwangila ta ƙare a ƙarshen shekara ta 4, an karɓi sauran bashi, an ƙarar da kayan sito, an sallami masu kawo kaya, ragowar 36 ta dawo.

```
Shekara        0     1     2     3     4
Buƙata        30    39    45    36     0
Kuɗin hannu  -30    -9    -6    +9   +36
```

Ka lura buƙatar shekara ta farko na ƙarƙashin shekara 0, ta biyu na ƙarƙashin 1, haka har ƙarshe, saboda an ɗauka kuɗin sai ya kasance a wurin kafin shekarar ta fara. A Excel layin ƙasa ba wani abu ba ne illa buƙatar bara a cire ta bana, in buƙata na layi na 4 kuma shekara 0 na ƙarƙashin harafin B to a shekara 1 ka rubuta `=B4-C4` ka ja shi zuwa dama, shekara 0 kuma `=-B4`. Kuma hanya mafi sauƙi ta gane ko ka yi daidai ita ce ka haɗa layin ƙasan gaba ɗaya: 30 da 9 da 6 sun fita, 45 kenan, 9 da 36 sun dawo, 45 kenan, jimla sifili. In jimlar ba sifili ba ce kuma ba da gangan ka rage abin da zai dawo ba, to akwai inda ka zame. Na akantan nan jimlarsa 150 ce a cire, da ya duba wannan kaɗai da ya gane tun kafin ya shiga mitin.

To tunda jimla sifili ce, manajan talla ya ce kenan ai nasa lissafin ne daidai, kuɗin da zai fita ya dawo cif me ya sa za a damu da shi. Wannan tambayar ita ce zuciyar maganar gaba ɗaya. Kuɗin zai dawo, eh, amma sai bayan ya yi shekaru yana kwance a wajen kwastoma da cikin sito ba ya haifar da komai, alhali masu kuɗin suna jiran kashi 10 ɗinsu kowace shekara. In ka maida layin zuwa darajar yau, 30 ɗin farko tana nan 30, 9 ta zama 8.2, 6 ta zama 5.0, duka a cire. Waɗanda suka dawo kuma 9 ta zama 6.8, ita kuwa 36 da sai bayan shekara 4 za a gan ta, ta ƙanƙance ta koma 24.6. Abin da ya fita 43.2 ne a darajar yau, abin da ya dawo 31.4, giɓi 11.8. Wannan 11.8 ɗin shi ne ainihin tsadar jarin juyawa a wannan aikin, ba sifili ba kamar yadda mai talla ya ɗauka, ba kuma 130 ba kamar na akanta.

Ni na fi son in nuna wa mutum ta wata hanyar don ta fi zama a kai. Ɗauka aro ka karɓo kuɗin kana biyan kashi 10. Shekarar farko 30 ne a ciki, ka biya 3. Ta biyu 39, ka biya 3.9. Ta uku 4.5, ta huɗu 3.6. Maida waɗannan huɗun zuwa darajar yau, za ka samu 11.8 ɗin nan dai ba ƙari ba ragi. Wato uwar kuɗin ba ita ka rasa ba, hayar riƙe ta ka biya. Kuma daga nan za ka ga dalilin da ba a sake cire ruwan banki a cikin lissafin ko da kuwa da bashin banki aka cike giɓin, don kashi 10 ɗin da ka yi amfani da shi ya riga ya caje ka, in ka sake sa layin ruwa ka biya sau biyu.

Yanzu 10.4 a cire 11.8, NPV ya koma kusan 1.4 ƙasa da sifili. Aikin da aka shigo da shi ana tafi ya faɗi, da ƙyar dai, amma ya faɗi.

Akwai wani lissafi na huɗu da ya kusa fitowa, wanda ake sa ciko daidai amma a manta da 36 ɗin ƙarshe, yawanci saboda tebur ya ƙare a shekara ta 4 kuma ba wanda ya tuna ya rubuta sifili a layin buƙata. Wannan zai ba ka kusan 26 ƙasa da sifili, kuma shi ma gwajin jimla zai kama shi nan take.

Da mai talla ya ga haka sai ya kama maganar lokaci, kuma gaskiya yana da hujja. Ya ce ranar farko ai ba wanda ake bi bashi, sai an fara tura kaya bashi yake taruwa, me zai sa a caji 30 gaba ɗaya a shekara 0. Aka gwada turo komai gaba da shekara ɗaya, 30 ya fita a ƙarshen shekara 1, 9 a ta 2, 6 a ta 3, sai 45 ya dawo a ta 4. Tsadar ta sauko zuwa 8.5, NPV ya haye zuwa kusan 2 sama da sifili. Kun ga abin da zaɓin gurbi ɗaya a tebur yake yi. Amma a ganina wannan son kai ne ya yi yawa, domin takarda dole a saye ta kafin inji ya fara juyawa, bashin kwastoma kuma cikin kwana 45 na farko ya gama cika, to wata ɗaya da rabi ya fi kusa da ranar farko nesa ba kusa ba a kan ƙarshen shekara. Shi ya sa aka bar shi a shekara 0. In da a ce aikin a hankali zai tashi, oda na ƙaruwa kaɗan kaɗan har tsawon shekara, sai a yi teburin wata wata ko na wata uku uku a daina gardama.

Inda aka fi daɗewa shi ne a kan 36 ɗin ƙarshe, kuma nan ne ya kamata a daɗe. Littafin makaranta yakan ce a ɗauka za a dawo da shi duka, wannan zato ne na sauƙaƙa jarabawa, a aikin gaske sai ka buɗe shi ka ga me ke ciki. A shekara ta 4 abin da ke ciki shi ne bashin da ake bin kwastoma 30, kayan sito 20, sai bashin masu kawo kaya 14 da za a cire. Shi 14 ɗin nan ba ya raguwa, ranar da ka daina saye kowa zai zo ya karɓi nasa cif, wani ma ya matsa maka fiye da da tunda ya san ba sauran ciniki. To duk wata asara a ɓangaren naka za ta faɗa.

Mai kula da sito aka kira, shi ya faɗi abin da ba ya cikin kowane tebur. Ya ce cikin kaya na 20 ɗin, na 12 farar takarda ce a nannaɗe da gam, ko wani aikin kamfanin zai cinye su a farashin da aka saye su. Amma na 8 kwali ne da aka riga aka buga wa tambarin kwastoma aka yanka daidai girman kayansa, da tawadar da aka haɗa musamman don launinsa. "Ranka ya daɗe, in ya ce ba ya so, wa zan sayar wa kwali da sunan wani a jiki? Sai dai masu sake narkawa, su kuma a kilo suke saye." Aka yi ƙiyasin rabi za a samu, asara 4.

Bashin kwastoma kuma, waɗanda suka saba bin bashi sun san biyan ƙarshe shi ne mai wuya. Lokacin da kwangila ke tafiya kana da abin riƙewa, in bai biya ba ka tsayar da mota. Da ta ƙare ba ka da komai, a nan ne ake tuno kwalin da ya jiƙe watanni baya da lodin da aka ce bai cika ba, a zabtare. Aka sa kashi 10 na 30, asara 3. Kafin a saka, sai da aka duba ko lambobin 32 zuwa 38 ɗin can sun riga sun cire wani kaso na bashin da ba zai biyu ba, don in sun cire to an ƙirga sau biyu kenan. Ba su cire ba.

Maganar haraji a nan tana da ɗan lauje cikin naɗi. Shi jarin juyawa kansa ba ruwansa da haraji, sa shi ba kashe kuɗi ba ne da za a rage maka haraji a kai, ba a yi masa rangwamen tsufa kamar inji, dawowarsa kuma ba riba ba ce da za a caje ka. Don haka layin nan ana ajiye shi a ƙasan layin haraji ne, kar ya shiga cikin abin da ake ninkawa da kason haraji. Amma asarar 7 ɗin nan daban ce, kaya ne da aka sayar ƙasa da kuɗinsu da bashin da ya mutu, kuma a dokar da kamfanin ke ƙarƙashinta ana cire irin wannan daga ribar da ake biya wa haraji. Da haraji kashi 30, asarar ta koma 4.9, a darajar yau wajen 3.3. NPV ya ƙara nutsewa zuwa kusan 4.7 ƙasa da sifili.

Wani ya tambaya ko hauhawar farashi fa. A wannan aikin an huta, saboda lambobin ciniki sun riga sun haɗa da ƙarin farashin da aka yarda a kwangila, kuma tunda jarin kaso ne na ciniki yana tashi tare da shi. Inda ake faɗawa shi ne in an ba ka jarin a farashin yau kawai. Ko kwali ɗaya ba ka ƙara ba, in farashi ya tashi da kashi 8 to riƙe jarin juyawa iri ɗaya zai ci 32.4 maimakon 30, ciko 2.4 kenan na kuɗin gaske, kuma abin da zai dawo a ƙarshe shi ne jimlar da ta kumbura, ba 30 ɗin farko ba.

Daraktan kuɗi bai ce a watsar da aikin ba, cewa ya yi a koma teburin ciniki, don yanzu an san inda kuɗin yake zuba. Abu biyu aka nema daga kwastoma. Na farko biya cikin kwana 30 maimakon 45, wanda ya rage bashin da kashi ɗaya cikin uku, ya sauko da jarin daga kashi 15 na ciniki zuwa wajen 11, wato 22, 28.6, 33, 26.4. Tsadar riƙe shi ta sauko daga 11.8 zuwa 8.6. Na biyu a rubuta a kwangila cewa ranar da ta ƙare zai kwashe duk bugaggen kwali da tawadarsa a farashin da aka kashe, wannan ya share asarar 4 ɗin sito. Abin da ya rage na haɗari shi ne kashi 10 na bashin ƙarshe wanda yanzu 20 ne, asara 2, bayan haraji da maidawa darajar yau wajen 1. Lissafi ya zama 10.4 a cire 8.6 a cire 1, saura kusan 0.8 sama da sifili.

Kwastoman ya yarda da kwashe kwalin ba gardama, kwana 30 ɗin ne aka sha ja, daga baya ya yarda amma ya ƙi a sa tarar jinkiri. Wannan ya bar ƙofa a buɗe, don in ya koma biya a kwana 45 a aikace ba abin da za a yi masa, tsadar ta koma 11.8 kuma 0.8 ɗin nan ta tafi har da ƙari. Hukumar kamfanin ta amince da aikin da sharaɗin duk ƙarshen wata a kawo mata lamba ɗaya, bashin da ake bin kwastoman a raba da cinikin shekara a ninka da 365, in ta wuce 35 wata biyu a jere to a tsayar da lodi sai ya biya.